Yadda ake zaɓa tsakanin hanyar shel da hanyar washa

Inda ɗaliban aji ɗaya a nan Bauchi suke ɓata lokaci a kalkulas, wajen neman girman cikin abin da ke fitowa in an juya wani yanki a kan layi, wato V, shi ne su kama rubuta lissafi tun ba su zana yankin ba. Fara da zane. Sa layin da za a juya yankin a kansa, sannan ka zana 'yar siririyar sanda a cikin yankin, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance.

Sandar da ta gicciye layin juyi, in ta zagayo, washa take bayarwa, irin ta bakanike mai rami a tsakiya. Wadda ta bi layin a jere kuwa tana ba da shel, kamar ɓawon albasa, wani cikin wani. Tambayar da za ka yi guda ce: wace sanda ce kanta da gindinta suke kan layuka biyu da ka riga ka san lissafinsu, tun daga farkon yankin har ƙarshe? Ita za ka bi.

Ɗauki yankin da ke tsakanin y = 4x − x² da layin x, daga x = 0 zuwa 4, a juya shi a kan layin y. Sanda a tsaye kanta yana kan lanƙwasar, gindinta yana kan y = 0. Tsawonta 4x − x², nisanta daga layin juyi kuma shi ne x. Tana jere da layin y, saboda haka shel ke nan:

```
V = 2π ∫[0,4] x(4x − x²) dx = 128π/3
```

Yanzu dubi sandar kwance. Hagunta da damanta duk lanƙwasa ɗaya suke taɓawa. Wannan ita ce alamar wahala, domin dole sai ka warware x daga y, ka samu x = 2 ± √(4 − y). Babban radiyos, R, shi ne mai alamar tarawa, ƙarami, r, mai alamar ɗebewa. A nan ake yawan faɗuwa, sai mutum ya rubuta (R − r)² maimakon R² − r². In ka bi daidai, R² − r² zai ba ka 8√(4 − y), amsa ta sake fitowa 128π/3, amma ka yi aiki ninki biyu. Da a ce akwai x³ a lissafin, warware x ɗin ma kaɗai zai iya cinye maka lokacin jarrabawa.

In yankin nan aka juya a kan layin x, sandar tsaye ce dai har yanzu, sai dai yanzu ta gicciye layin. Washa ce marar rami, π ∫ (4x − x²)² dx, amsa 512π/15.

In aka matsar da layin juyi zuwa x = 5, radiyos ɗin shel ya koma 5 − x. In x = −1 ne, x + 1. Tsawon sandar bai canja ba.