Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta bayanan zaman kwamitin ruwa

Famfon tuƙa-tuƙa ya lalace a unguwa, kwamitin ruwa ya zauna a zauren mai unguwa bayan La'asar, an yanka wa kowane gida abin da zai bayar, an tashi kowa na jin daɗi. Bayan wata biyu sai ka ji ana cewa kuɗin sun yi ƙafa. Sau da yawa ba wanda ya ci ko sisi, rubutun sakatare ne bai nuna komai ba. Ma'aunin rubutu mai kyau shi ne wanda bai halarci zaman ba ya karanta, ya gane wa ya ba da nawa, wa zai yi me, da ranar da za a dawo a duba.

Kuskuren da ya fi jawo rigima shi ne haɗa alkawari da kuɗin da suka shigo hannu. Mu ɗauki misali. A ce gidaje 40 ne, an sa wa kowane gida naira 2,000. Wani ɗan kasuwa kuma ya miƙe ya ce zai ba da naira 30,000. Sakatare ya yi lissafi, ya rubuta cewa an tara naira 110,000. To amma a ranar, gidaje 26 ne suka biya hannu da hannu, wato naira 52,000. Gidaje 5 sun tura ta waya, naira 10,000. Ɗan kasuwan ya ajiye naira 10,000, ya ce saura sai ya dawo daga tafiya. Abin da ya shigo ke nan naira 72,000. Sauran naira 38,000 suna aljihun masu su: 18,000 wajen gidaje 9, da 20,000 wajen ɗan kasuwa. Ranar da makaniki ya kawo lissafin gyara na naira 95,000, ma'aji ya ce kuɗi ba su kai ba, jama'a za su tuna da 110,000 ɗin da aka karanta musu, kuma mutumin kirki zai kwana da sunan ɓarawo. Wannan zalunci ne da alƙalami ya yi masa.

Gyaransa ba wuya. A ja layi huɗu a shafi: sunan mai gida, abin da aka sa masa ko ya yi alkawari, abin da ya biya tare da lambar rasit, sai abin da ya rage. Kada a tara layi na biyu a kira shi kuɗin kwamiti. Waɗanda suka tura ta waya kuwa, ba a rubuta sun biya don sun nuna hoto a waya. Sai ma'aji ya ga kuɗin sun shiga. A kuma rubuta asusun da suka shiga. In asusun ma'aji na kansa ne, a faɗi haka ƙarara a littafi, sannan a sa ranar da za a mayar da su asusun kwamiti. Banki ma zai nemi rubutacciyar shawarar zama kafin ya buɗe asusu ko ya canza masu sa hannu, don haka shafin zai yi amfani a can.

Akwai kuma gudummawar da ba kuɗi ba, wadda ake yawan barinta a baki. Wani ya kawo siminti buhu 4 don gyaran daɓen famfo, wani ya kawo yashi, matasa sun haƙa magudanar ruwa da aikin gayya. A rubuta adadin, da wurin da aka ajiye, da wanda ke riƙe da mabuɗin. Sai zama ya yanke tun a ranar: simintin nan ya tsaya a madadin naira 2,000 na gidan, ko ƙari ne? In ba a rubuta ba, za a zo a nemi mutumin kuɗi, shi kuma ya ce ai ya riga ya biya. Haka nan matar da ta aiko da nata ta hannun yaro ko mijinta, sunanta za a sa, a nuna ta hannun wa ya zo. Mata ne suka fi sanin wahalar rashin ruwan nan, bai kamata gudummawarsu ta ɓace a ƙarƙashin sunan wani ba.

Wasu kuma sukan fara lissafi sabo a kowane zama, kamar ba a taɓa ajiye komai ba. Kowane zama ya buɗe da abin da ya rage a na baya. In an tashi da naira 15,000, aka samu 72,000, aka ba makaniki 6,000 kuɗin mota da dubawa, saura naira 81,000. A raba shi gida biyu: nawa ke hannu, nawa ke banki. Na hannun a ƙirga shi a gaban mutane kafin a rubuta.

Sai maganar rabon aiki. Hausarmu tana da daɗin kunne: "an amince za a kira makaniki", "za a tuntuɓi ƙaramar hukuma". A cikin littafin zama, wannan "za a" ita ke kashe aiki, domin ba ta ɗora shi a wuyan kowa ba. Ko "kwamiti zai duba" bai fi ta ba. Dubi bambancin idan an rubuta: "Mataimakin shugaba zai kawo makanikin yanki ya zaro bututu ya duba robobin silinda, kafin Laraba 20 ga Mayu 2026. An ware masa naira 6,000. Zai kawo rubutaccen lissafin kayan gyara." A littafi na gaske, sunan mutumin ake sawa gaba da muƙaminsa. Mutum ɗaya ake sa wa aiki ɗaya. In biyu ne, a nuna wanda za a tambaya. Kuma kada a ɗora wa wanda ba ya nan aiki sai an rubuta wanda zai sanar da shi. In takarda ce za a kai sashen ruwa na ƙaramar hukuma ko RUWASSA, wato hukumar jiha mai kula da samar da ruwa da tsafta a karkara, a rubuta mai kaiwa, a ce ya dawo da kwafi mai hatimin karɓa.

Ina ganin sakatarori na cika shafi da muhawara, wane ya ce, wane ya mayar masa. Ba a buƙatar haka, kuma yana tayar da tsohuwar gaba. Shawarar da aka yanke ita ce abin rubutawa, sai wanda ya nemi a rubuta cewa bai amince ba.

Ranar dawowa ma ana yi mata sakaci. "Bayan Sallah" ko "nan da ɗan lokaci" ba rana ba ce. A rubuta in Allah ya kai mu, sannan a biyo da Asabar 6 ga Yuni 2026, bayan La'asar, a zauren mai unguwa. A duba kada ta faɗa ranar kasuwa ko tsakiyar shuka. Ƙarƙashinta a jera abin da za a duba: gidaje 9 sun biya? Ɗan kasuwa ya cika 20,000? Gyaran ya yi? Don gane na ƙarshen, a ƙirga tuƙi nawa ke cika jarka ɗaya kafin gyara, a rubuta, a sake ƙirgawa da jarkar nan bayan gyara. In da safe sai an daɗe ana tuƙawa kafin ruwa ya fito, alama ce ruwa na zurarewa ta bawul ɗin ƙasa ko ta bututu, aikin makaniki bai ƙare ba, kada a biya shi cikon kuɗinsa.

A yi rubutun a littafi mai ɗinki, a sa wa shafuka lamba, da biro, kuma da Hausar da kowa ke ji. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farko, shugaba ya sa hannu a gefe. Kafin a watse, sakatare ya karanta lissafin kuɗi da rabon aiki da ƙarfi, ma'aji da shugaba su sa hannu, wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa.