Yadda ake ɗora motsin da aka sauke kan ƙwarangwal mai siffa daban ba tare da tsayuwar ta lalace ba

Mafi yawan masu koyo da na gani suna sauke motsi daga Mixamo, shafin intanet mai ba da shiryayyen motsin mutum-mutumin 3D, su shigar da fayil ɗin FBX cikin manhajar Blender, su liƙa shi kai tsaye kan ƙwarangwal ɗin mutum-mutuminsu, sannan su yi mamakin ganin hannuwa sun nutse cikin ciki, wuya ya miƙe, ƙafafu kuma suna sulɓi a ƙasa. Dalilin hakan shi ne fayil ɗin yana ɗauke da juyi da gurbi da girma na kowane ƙashi, alhali juyi kaɗai ne yake halatta a kwafa tsakanin jikuna biyu da tsawon gaɓoɓinsu ya bambanta. Ƙugu ne kawai ake kwafar gurbinsa, shi ma sai an daidaita shi da tsawon ƙafa. Misalin da zan bi shi ne na tafiya da aka ɗauka daga ƙwarangwal mai tsawon santimita 100 daga ƙugu zuwa ƙasa, za a ɗora ta kan gajeren mutum mai santimita 70, wanda aka gina shi hannuwansa suna karkace ƙasa kamar harafin A.

Da farko ka shigar da fayil ɗin, ka duba lambobin da ke kan ƙwarangwal ɗin da ya zo da motsin. Za ka tarar an juya shi digiri 90 a kan layin X, girmansa kuma 0.01, domin an auna shi da santimita. Ka danna `Ctrl+A` ka zaɓi `Rotation` kaɗai. Kada ka zaɓi `Scale` ko `All Transforms`, domin lambobin gurbin ƙugu ba za su sauya tare da girman ba, kuma tafiyar santimita 80 za ta koma mita 80, mutumin ya ɓace daga allo da zarar ka kunna.

Yanzu sai matakin da ya fi ɓata mini lokaci, wato daidaita tsayuwar asali, yadda ƙwarangwal yake tsaye kafin a motsa shi. Kowane juyi da ke cikin motsi ana lissafa shi ne daga yadda ƙashin yake a tsayuwar asali. Ƙwarangwal ɗin Mixamo yana tsaye kamar harafin T, hannuwa a miƙe daidai da kafaɗa. Idan motsin ya ce damtse ya sauka digiri 75 don hannu ya kwanta a gefen jiki, to ƙwarangwal ɗinmu da hannunsa ya riga ya sauka kusan digiri 45 zai kai digiri 120, kuma abin da ke jefa hannu cikin ciki ke nan. Na taɓa shafe kwanaki ina gyara wannan firam bayan firam, ina zargin motsin, ashe laifin yana firam ɗin da ba a ma fara motsi ba.

Maganin shi ne ka mayar da ƙwarangwal ɗin tushe, wato wanda ya zo da motsin, zuwa `Rest Position`, ka jera shi da naka suna fuskantar wuri ɗaya, sannan ka shiga `Pose Mode` ka juya ƙasusuwan naka har kowanne ya bi alkiblar takwaransa. Alkibla ake nema ta dace, tsawo kuwa a bar shi yadda yake, saboda haka kada ka ja ƙashi ko ka ƙara masa girma don yatsu su haɗu. Ka duba daga gaba, sannan daga sama, domin daga sama ne ake ganin gwiwar hannu da ta ɗan lanƙwasa da tafin hannun da bai kalli ƙasa ba. Ƙashin kafaɗa shi ne wanda kowa yake mantawa, kuma kuskuren digiri 10 a wurin yakan sa mutumin ya yi tafiya kamar wanda sanyi ya kama. Haka kuma ka duba tazarar cinyoyi da alkiblar tafin ƙafa.

Idan sun dace, ka koma kan fatar jikin, ka kwafi `Armature` ɗin da ke jerin `Modifiers`, ka danna `Apply` a kan ɗaya daga cikin biyun, sannan ka koma ƙwarangwal ɗin ka zaɓi `Pose > Apply > Apply Pose as Rest Pose`. Blender yana ƙin yin `Apply` a kan `Armature` ɗin idan fatar tana da `Shape Keys`, kuma a irin wannan hali ni nakan yi aikin a kan kwafin ƙwarangwal. Ko da babu su, kada ka taɓa yin wannan a kan fayil ɗinka na asali.

Daga nan ka mayar da ƙwarangwal ɗin tushe zuwa `Pose Position` don motsinsa ya dawo, ka sa wa kowane ƙashi na ƙwarangwal ɗinka `Copy Rotation` mai nuni zuwa takwaransa, misali damtsen hagu zuwa `mixamorig:LeftArm`, cinya zuwa `mixamorig:LeftUpLeg`. A `Target` ka zaɓi `Local Space (Owner Orientation)`, a `Owner` kuma `Local Space`. Wannan zaɓin, wanda ya shigo tun Blender 3.0, shi ne yake rama bambancin murɗin ƙasusuwa, kuma idan ka ga gwiwa tana lanƙwasawa gefe maimakon baya, to shi ka manta. Akwai ƙarin manhajojin da ake saya masu haɗa sunayen ƙasusuwa da kansu, suna kuma rage wahala idan motsin yana da yawa, amma su ma sukan nemi ka daidaita tsayuwar asali da hannunka, don haka ban ga dalilin kashe kuɗi kafin mutum ya iya hanyar hannu ba. Ƙashin baya na Mixamo gaɓa uku ne, kuma idan naka huɗu ne ka bar ɗaya ba tare da haɗi ba, maimakon ka ba gaɓoɓi biyu juyi iri ɗaya har lanƙwasar ta ninka.

Game da ƙugu, ka raba 70 da 100, ka sami 0.7, sannan ka ninka girman ƙwarangwal ɗin tushe da shi, wato daga 0.01 zuwa 0.007 a dukkan layuka uku. Yanzu ƙugun biyu suna tsayi ɗaya, sai ka sa wa naka `Copy Location` zuwa `mixamorig:Hips` a `World Space`. Takun santimita 80 ya koma 56, wanda shi ne abin da gajeriyar ƙafa za ta iya. Da tsawon ƙafa ake wannan lissafi, domin mai babban kai zai yaudare ka idan ka auna da tsawon jiki gaba ɗaya. Idan ƙafar da ke ƙasa tana janyuwa gaba, lambar da ka ninka girman da ita ta yi yawa, idan kuma tana zamewa baya, ta yi kaɗan.

Abin da juyi ba zai iya gyarawa ba shi ne taɓawa. Gajerun hannuwa ba za su haɗu wajen tafi ba, kuma idan rabon cinya da ƙwauri ya bambanta, diddige zai ɗan shiga ƙasa a wasu firam. A waɗannan wuraren kaɗai ka yi amfani da `Inverse Kinematics`, ka kafe hannu ko idon sawu, kana ɗaga `Influence` daga 0 zuwa 1 cikin firam uku ko huɗu don kada gaɓar ta yi tsalle. Bayan haka ka zaɓi duk ƙasusuwan, ka je `Pose > Animation > Bake Action`, ka kunna `Visual Keying` da `Clear Constraints`, sannan ka kalli motsin daga gefe a hankali, idonka a kan diddige da gwiwar hannu, kafin ka goge ƙwarangwal ɗin tushe.