Darasi na 7: Zaɓen abincin rana daga hoton firigo

Mace tana babbar kasuwar Maradi da kuɗin cefane a hannu, ba ta tuna abin da ya rage a gida ba. Sai ta kira ɗiyarta ta ce a buɗe firigo, a ɗauki hoto, a turo ta WhatsApp. Wannan darasi zai koya mana yadda ake karanta irin wannan hoto har a san abin da za a ɗora a wuta.

Da farko hoton ya fito sarai. A buɗe ƙofar gaba ɗaya, a ja baya taki ɗaya, a buɗe murfin kwanoni da robobi. A ɗauki hoto na biyu na aljihun ƙasa, inda ake zuba kayan miya, domin ba ya fitowa a na farko. A rufe ƙofar da wuri kada sanyi ya fita.

In hoto ya iso, tambayar farko ita ce: me zai riga lalacewa? Shi ne zai zaɓi abincin yau. Ɗanyen kifi da kaza da niƙaƙƙen nama kwana 1 zuwa 2 suke yi a firigo. Dafaffen abinci yana kai kwana 3 zuwa 4. Kabeji da karas da ƙwai suna iya jira fiye da mako.

Ga hoton da Inna ta samu. A sama akwai naman rago kamar rabin kilo a faranti, jini ya taru a ƙarƙashinsa. Kusa da shi kwanon dafaffen zogale ne da ƙwai 4. A aljihun ƙasa akwai tumatir 6, biyu fatarsu ta yamutse, sai tattasai 3, karas 2 da rabin kabeji wanda bakin yankansa ya yi duhu.

Inna ba ta yanke shawara nan take ba, sai da ta yi tambaya.

"Naman nan yaushe kika fiddo shi daga wurin ƙanƙara?"

"Jiya da dare, Inna."

"An ɗauke wuta cikin dare?"

"An ɗauke, amma ba ta kai awa biyu ba ta dawo."

Waɗannan tambayoyi su ne zuciyar darasin, domin hoto ba ya nuna kwanan abu, ba ya nuna wari, ba ya nuna ko firigo ya kwana da sanyi. Ana son sanyinsa ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa. Idan wuta ta tafi kuma ba a buɗe ƙofar ba, yana riƙe sanyi kamar awa 4. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi yake wuce digiri 40, kada a yi wasa da wannan lissafi. Naman da ya kwana a firigo mai ɗumi, ko ya yi yauƙi, ko launinsa ya koma kore-kore, a zubar da shi. Rashin wari ma ba shaida ba ne, akwai ƙwayoyin cuta da hanci ba ya jin su. Asarar rabin kilo tana da ciwo, amma gudawar yaro ƙarami ta fi ta tsada.

Naman Inna lafiya yake, sai dai ya narke, don haka yau za a dafa shi. Tumatir ma ya gaji. Nama da tumatir da tattasai, ga karas da kabeji, sun nuna dafa-duka. Saura abin da ba ya zama a firigo: ɗiyar ta duba ta ce akwai shinkafa da man gyaɗa da gishiri, albasa ce ta ƙare. Albasa kaɗai Inna za ta saya.

Ga mutum 6, kilo 1 na shinkafa ya isa. A tafasa naman da albasa da gishiri, a soya shi, a soya jajjagen a man har ruwansa ya tsotse. A haɗa romon naman da ruwa ya zama kamar ninki biyu na awon shinkafar. A yanke bakin kabejin da ya yi duhu a yar, a zuba sauran da karas idan shinkafa ta kusa nuna, don kada su narke. Tumatirin da ya yamutse yana shiga miya, amma wanda ya yi furfura ko ya fashe yana tsami ba ya shiga tukunya.

Zogalen kuwa, tun da jiya aka dafa shi, a kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli da yamma. Ƙwai su jira karin kumallon gobe. Kuma a rufe nama a kwano a mai da shi benen ƙasa nan gaba, domin jininsa yana ɗiga a kan abincin da za a ci ba tare da an sake dafawa ba.

Aikin gida: ɗauki hoton firigonku ko na maƙwabta da izininsu. Rubuta sunan abu 5 da kuka gani, ku ja layi ƙarƙashin wanda zai riga lalacewa, sannan ku rubuta sunan abincin da za a dafa da abin da za a sayo.