Yadda Ake Gane Dalilin Tsayawar Saukewa a Kashi 99, da Tantance Fayil da SHA256

Mu ɗauki fayil ɗin girka Ubuntu 24.04, mai girman kusan 6 GB. Abin da za ka fara dubawa shi ne wurin da saukewar ta tsaya, domin wurin da kansa yakan nuna matsalar.

Idan kullum a daidai 4 GB take yankewa, kar ka ɗora wa sabis laifi. Duba filash ko katin da kake ajiyewa a ciki: idan tsarinsa FAT32 ne, ba zai taɓa ɗaukar fayil guda da ya kai 4 GB ba, ko da kuwa sarari ya yi yawa. Ka kwashe kayanka, ka mayar da shi exFAT ko NTFS.

Tsayawa a kashi 99 kuwa dalilanta daban ne. Manhajojin ƙara saurin saukewa suna yanka fayil gida-gida, misali kashi takwas, su jawo su lokaci guda. Idan layin kashi ɗaya ya mutu, bakwai za su gama, a zauna ana jiran na takwas. Danna dakatarwa sannan ka ci gaba, sau da yawa wannan kaɗai ya isa ya buɗe sabon layi. Wasu manhajojin kuma sai a ƙarshe suke haɗe gutsattsarin, kuma haɗewar na iya cin sarari ninki biyu, wato wajen 12 GB a misalinmu. Akwai kuma lokacin da fayil ya iso gaba ɗaya, manhajar kariya daga bairos ce ke bincikensa kafin burauza ta cire masa wutsiyar .crdownload ko .part. A nan ɗan haƙuri ake yi, ba a sokewa.

In ta yanke ɗungurungum, kar ka goge rabin da ka samu. A Linux, shiga foldar da rabin fayil ɗin yake ciki, ka ba wannan umarni adireshin da kake sauke shi:

```
wget -c adireshin-fayil
```

Wannan -c ɗin yana sa a roƙi sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da fayil ɗin a intanet, ta turo daga inda aka tsaya, muddin sunan rabin fayil ɗin ya dace da na asali. Sai dai a nan ɓarna take shiga ba tare da an sani ba. Idan masu shafin sun sauya fayil ɗin tsakanin jiya da yau, za ka samu kan tsoho da jelar sabo. Girman zai iya yi maka kama da daidai, amma girkawa ta tsaya a tsakiya.

Shi ya sa ake amfani da lambar tantancewa. SHA256 lissafi ne da ke bin fayil daga farko har ƙarshe, ya fitar da jerin haruffa da lambobi guda 64. Ko ɗigo ɗaya ya sauya a cikin fayil, jerin zai rikiɗe gaba ɗaya. Sauya sunan fayil kuwa ba ya taɓa shi.

Da farko sauke ƙaramin fayil mai suna SHA256SUMS daga releases.ubuntu.com, daga shafin sigar da ka ɗauko. Ajiye shi wuri ɗaya da babban, sannan a Linux ka shiga wannan foldar ka rubuta:

```
sha256sum -c --ignore-missing SHA256SUMS
```

Idan ka ga OK a gaban sunan, fayil lafiya yake. FAILED na nufin ya lalace. A Windows, buɗe PowerShell a cikin foldar da fayil ɗin yake, ka liƙa lambar da ka kwafo daga SHA256SUMS tsakanin alamomin zance, ka sa sunan fayil ɗinka yadda yake:

```
(Get-FileHash .\ubuntu-24.04-desktop-amd64.iso).Hash -eq "lambar"
```

Amsar True ce ko False. Wannan ya fi gwadawa da ido, domin ido yakan duba haruffa huɗun farko ya gaji. Kafin ka yanke hukunci a kan False, tabbatar ba lambar wata siga ka kwafo ba, kamar ta 24.04.1.

In ya tabbata ya lalace, ba dole ne ka sake ƙona datar 6 GB ba. Ɗauko fayil ɗin .torrent na wannan sigar, buɗe shi a manhajar saukewa ta qBittorrent, nuna masa inda lalataccen yake, ka zaɓi Force recheck. Zai gwada fayil ɗin gutsure-gutsure, ya sake jawo waɗanda suka ɓaci kawai.

Idan kuma ka maimaita lissafin a kan fayil guda, lambar na fitowa daban-daban, to matsalar a kwamfutarka take, faifai ko RAM. Kwafi fayil ɗin zuwa wata kwamfutar ka sake gwadawa.

Lambar tantancewa tana kama lalacewa ne, ba ta isa ta kama maguɗi ba. Wanda ya kutsa shafi ya sauya fayil zai iya sauya lambar ma. Don haka Ubuntu ke ajiye SHA256SUMS.gpg kusa da ita, sa hannu ne da ake tabbatarwa da manhajar gpg ta hanyar makullin Ubuntu.