Yadda Ake Sa Maɓallan Tsallake a PowerPoint Don Bayanin da Ba Ya Bin Jeri

Wanda ya taɓa yi wa manoman albasa bita a wajajen Marwa ya san tambaya ba ta jiran lokacinta. Kana kan maganar renon iri, wani dattijo zai ɗaga hannu ya ce: "Malam, nawa matsalar ruɓewa ce a ɗakin ajiya." In shafukanka a jere suke, sai ka yi ta dannawa kana wuce shafi goma a gaban jama'a, sannan ka yi ta ja da baya kana neman inda ka tsaya. Maganin wannan shi ne shafi ɗaya mai maɓallai da zai kai ka kowane sashe, da hanyar dawowa daga ko'ina. Hanyar dawowar ce aka fi mantawa da ita, kuma a kanta zan fi tsayawa.

Zan kira sunayen abubuwa yadda suke a PowerPoint na Faransanci, tun da shi ne a yawancin kwamfutocinmu daga Ngaundere har Njamena.

Fara da takarda da biro

A ce bitar tana da shafi 18. Na 1 take ne, na 2 shi ne mashiga, inda maɓallai za su zauna. Daga 3 zuwa 6 iri da reno, 7 zuwa 10 ban ruwa, 11 zuwa 14 cututtuka, 15 zuwa 17 ajiya. Na 18 kuma jadawalin ayyuka ne wata-wata, wanda za a so a leƙa daga sashen ban ruwa, a kuma leƙa daga sashen cututtuka. Rubuta wannan a takarda, ka ja kibiya daga 2 zuwa 3, 7, 11 da 15. Duk kibiyar da ta fita, ja mata wata ta komowa.

Kafin ka taɓa maɓalli ko ɗaya, ba kowane shafi take a gurbin takensa na asali. Lokacin haɗawa PowerPoint zai nuna maka jerin shafuka da takensu; wanda ba shi da take sai ya fito da lamba kawai, kamar Diapositive 11, ka koma canki-canki.

Maɓallan mashiga

A shafi na 2, shiga Insertion, sannan Formes, ka zana akwati mai kusurwa huɗu. Rubuta "Iri da reno" a ciki. Yi shi babba, yadda na ƙarshen zaure zai karanta a majigi, kai ma linzaminka ba zai kuskure shi ba. Kwafe shi sau uku, ka canja rubutun zuwa "Ban ruwa", "Cututtuka" da "Ajiya".

Yanzu danna bakin akwatin farko, ba cikin rubutun ba. Za ka gane ka yi daidai idan ɗan layin nan mai nuna wurin rubutu ba ya ƙyaftawa a ciki. Danna Ctrl+K, ko ka bi ta Insertion zuwa Lien. A gefen hagu zaɓi Emplacement dans ce document, ka zaɓi shafi na 3 a jerin, ka duba ɗan hotonsa a dama don ka tabbatar, sannan OK. Haka za ka yi wa sauran: 7, 11, 15. Mai na Turanci zai ga Insert, Link da Place in This Document.

Dalilin nacewa a kan bakin akwati shi ne, idan rubutun ka zaɓa, mahaɗin a jikin haruffa zai maƙale. Alamarsa ba ta ɓoyuwa: rubutun zai canja launi, a ja masa layi a ƙasa. A wajen taro kuma sai ka danna gefen akwatin, inda babu harafi, maimakon ajiya ka tsinci kanka a shafi na 3. In ka ga wannan layin, cire mahaɗin ta dannawar dama, ka sake daga bakin akwati.

Abu biyu kuma suna hana ruwa gudu a nan. Idan ka ɗaure hoto da rubutu wuri guda da Grouper, za ka tarar Lien ya dushe, ba ya dannuwa, sai ka zaɓi abu ɗaya daga cikin ɗaurin ka sa masa. Na biyu, in kana so mutane su danna wani ɓangare na hoto, a ce hoton gona ne kana so a danna kan rijiya a tafi ban ruwa, ɗora akwati a wurin, ka bar masa launin ciki amma ka kai Transparence ɗinsa 100%. Kada ka zaɓi Aucun remplissage, don akwatin da babu komai a cikinsa layin bakinsa kaɗai ke amsa dannawa.

Hanyar komawa mashiga

Kana iya liƙa maɓallin komawa a shafuka ɗaya bayan ɗaya, amma ran da ka so matsar da shi sai ka bi su duka. Gara ka sa shi sau ɗaya a uwar shafuka. Shiga Affichage, sannan Masque des diapositives. A hagu, hau can sama ka zaɓi babban shafin farko, ba ƙananan da ke ƙarƙashinsa ba. A Insertion, Formes, gangara ƙarshen jerin zuwa Boutons d'action, ka ɗauki mai hoton gida, ka zana shi a kusurwar ƙasa ta dama.

Kana sakin linzami, akwatin Paramètres des actions zai buɗe da kansa. A nan a kula: maɓallin gida yana zuwa ne a saite kan Première diapositive, wato shafi na 1, alhali mashigarmu tana na 2. Buɗe jerin da ke ƙarƙashin Créer un lien hypertexte vers, zaɓi Diapositive…, ka nuna shafi na 2. Rufe uwar shafukan, za ka ga ɗan gidan ya bayyana ko'ina.

Idan akwai shafin da bai fito ba, kusan kullum hoto ne ya cike shafin ya danne shi, don abin da ke uwar shafuka a ƙarƙashin komai yake zama. Rage hoton, ko ka liƙa wa wannan shafin nasa maɓallin a sama.

Shafin da ake zuwa ta hanya biyu

Jadawalin shafi na 18 shi ne wurin da gwaninta take. Ka sa maɓallin "Duba jadawali" a shafi na 8, ka sa wani a na 13, duka suna kai wa 18. To, in an gama dubawa, ina za a koma? Mashiga ba ta yi ba, don maganar ban ruwa ba ta ƙare ba. Maɓallin Diapositive précédente ma bai yi ba: shi jeri yake bi, zai kai ka 17, tsakiyar ajiya.

Abin da ake so shi ne Dernière diapositive affichée, wato Last Slide Viewed a na Turanci. Zana akwati a shafi na 18, rubuta "Koma", zaɓi bakinsa, shiga Insertion, Action, ka zaɓe shi a jerin nan. Wanda ya zo daga 8 zai koma 8, wanda ya zo daga 13 zai koma 13.

Sai dai taki ɗaya kawai yake tunawa. A ce jadawalin ya yi yawa ka raba shi biyu, 18 da 19. Ka zo daga 8, ka wuce 19, ka danna "Koma": zai mayar da kai 18. Ka sake dannawa, ya mayar da kai 19, tun da shi ne na ƙarshe da aka gani. Haka za ka yi ta kai da kawowa, 8 ya ɓace. Shawarata, duk shafin da ake leƙawa daga wurare da yawa ya tsaya shafi ɗaya tak. Ka kuma ɓoye shi da Masquer la diapositive a Diaporama. Ba zai fito a jeri ba, amma maɓalli zai kai ka gare shi.

Toshe dannawar kuskure

Har yanzu da saura. PowerPoint a ɗabi'arsa duk inda aka danna gaba yake yi, don haka daga shafi na 6, ƙarshen reno, dannawa ɗaya za ta zarce da kai 7 ba tare da an koma mashiga ba. Hanya biyu ce, kuma zaɓin ya danganta da wanda zai riƙe linzamin.

In kai ne mai bayani, shiga Transitions, cire alamar da ke kan Manuellement, ka danna Appliquer partout. Dannawa a fili ba za ta ƙara motsa shafi ba, amma kibiyoyin allon rubutu suna nan suna aiki, kuma kana iya buga lambar shafi, kamar 15, ka danna Entrée ka sauka can kai tsaye. Ni wannan na fi so a taro, don ko maɓalli ya ƙi, kana da mafita. Ka sani dai Appliquer partout yana shimfiɗa salon sauyin wannan shafin a kan sauran duka.

In kuwa kwamfutar za a ajiye a ofishin ƙungiya kowa ya zo ya duba da kansa, shiga Diaporama, Configurer le diaporama, ka zaɓi Visionné sur une borne (plein écran). A nan maɓallanka kaɗai ke aiki, sai Échap na fita. Shafin da ka manta ba ka sa wa maɓalli ba ya zama rijiya, wanda ya faɗa ba ya fita. Saboda haka shafi na 1 yana buƙatar "Fara", shafuka 3, 4 da 5 suna buƙatar "Gaba" mai Diapositive suivante, na 6 kuma kada ka sa masa "Gaba", ɗan gidan ya ishe shi. Haka ƙarshen kowane sashe: 10, 14 da 17. Rubutun da ka saita ya riƙa fitowa da dannawa kuma, mayar da shi Après la précédente, tun da dannawa a fili ba ta aiki a wannan yanayin.

Gwaji

Maɓallai ba sa nuna halinsu sai an kunna nunin. Danna F5, ɗauki takardar nan, ka bi kowace kibiya tafiya da dawowa kana soke ta da biro. Idan linzami ya hau maɓalli bai zama ɗan hannu ba, babu mahaɗi a wurin.

Sauya wa shafi wuri ba ya ɓata komai, don mahaɗin shafin yake bi, ba lambarsa ba. Goge shafi shi ke kashe shi: in ka goge na 11 ka yi sabo a gurbinsa, maɓallin "Cututtuka" sai an sake haɗa shi. Akwai kuma Zoom a Insertion, mai haɗa mashiga da kansa, amma daga PowerPoint 2019 ya fara, kuma kwamfutocin makarantu da ofisoshinmu da yawa na 2013 ko 2016 ne a kansu. Maɓallan da muka yi da hannu suna aiki a cikinsu duka. In za ka tura wa mutane ta WhatsApp a matsayin PDF, kada ka dogara da "Koma" na shafi na 18, aikin PowerPoint ne shi. Ranar taro kuma, ka je da wuri ka sa filas ɗinka a kwamfutar da aka haɗa da majigin, ka sake bin takardar a kanta kafin mutane su zauna.