Kurakuran da aka fi yi wajen sanar da tsohon abokin ciniki ƙarin farashi

A ɗauki misalin ɗan sari a Kasuwar Dole ta Damagaram, wanda ya shekara takwas yana ba wata Hajiya mai gidan abinci a Zango buhu 10 na shinkafa kowane wata, tana biya idan wata ya ƙare. A da yana saro buhu sefa 12,000, kuɗin mota da dako 500, ya ba ta a 13,500. Yanzu sari ya koma 13,200, dako 700, wato buhu ya tsaya masa 13,900, tsohon farashin ya zama faɗuwa.

Kuskuren da ya fi ɓata zumunci shi ne a bar ta ta ji ƙarin a bakin yaron shago, ko ta tarar da shi ranar biya, bayan ta riga ta dafa shinkafar ta sayar a tsohon kuɗin kwano. A ganina wannan ya fi ƙarin kansa ciwo, domin ƙarin sefa 1,250 a kowane ɗaya daga buhu 10, wato jika 12 da rabi, zai fita daga aljihunta ba shiri. Gyaransa shi ne mai shago ya taka da ƙafarsa, a lokacin da masu cin abinci suka ragu, ya gaishe ta sosai, sannan ya ce: "Hajiya, na zo da kaina ne don kada ku ji a waje. Kayan da kuka riga kuka ɗauka suna nan a kuɗinsu, amma daga ɗaukar wata mai kamawa buhu zai koma 14,750." Bashin da ke ƙasa ba a taɓa shi ko kaɗan, tunda a tsohon farashi aka yi cinikinsa.

Wasu kuma sukan tsaya ga cewa komai ya yi tsada, maganar da ba ta gamsar da mai shiga kasuwa kullum. Gara a nuna mata takardar sari, ta ga kuɗin da ya hau kansa ya ƙaru da 1,400, ita kuwa 1,250 aka ɗora mata.

Akwai kuma ƙarin jin kunya, inda mutum zai ƙara 300 yau, bayan sati biyu ya sake ƙarawa, har ta fara zargin ana gwada haƙurinta ne. A faɗi abin da lissafi ya bayar sau ɗaya. Idan ta nemi ragi, a sassauta mata ta fuskar lokaci, kamar ƙarin kwana 10 kafin biya, ko buhu 5 na farko a tsohon kuɗi.

Kada kuma "ba komai, Alhaji" ta ruɗi mai shago. Idan ta rage ɗauka zuwa buhu 4, ta fara biya hannu da hannu, to ta soma saye a wani shagon, sai ya koma wurinta cikin satin nan ya tambayi nawa ake ba ta a can.