Kurakuran da aka fi yi wajen karanta giɓin cinikin ƙasa da waje

Duk lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar cewa kayan da Najeriya ta sayar a waje sun fi waɗanda ta sayo, sai ka ji ana tambaya a majalisa: to in haka ne, ina dalar take, kuma me ya sa naira ke shan wahala? Tambayar tana kan hanya. Kuskuren shi ne an karanta layi ɗaya a littafi mai shafi biyu, aka rufe.

Littafin shi ne lissafin shige da ficen kuɗi tsakanin ƙasa da sauran duniya, wanda Babban Bankin Najeriya ke haɗawa duk wata uku. Shafin farko shi ne asusun yau da kullum: abin da ƙasa ta samu da abin da ta kashe a hulɗarta da waje. Da Turanci ana ce masa karant akawun, sunan da ke ruɗa mutane, domin ba shi da wata alaƙa da asusun da ɗan kasuwa ke buɗewa a banki. Shafi na biyu kuwa yana nuna jari da bashi da ajiya, wato inda aka samo kuɗin cike giɓi, ko inda rarar ta tafi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cinikin kaya a matsayin asusun gaba ɗaya. Kaya su ne abin da ake gani a tashoshin jiragen ruwa irin su Apapa da Bonny: ɗanyen mai da iskar gas da riɗi da koko suna fita, injuna da alkama da magunguna suna shigowa. Amma akwai abin da muke saye wanda ba ya zuwa a kwantena. Jirgin ruwan da ya ɗauko alkamar na baƙi ne, kuma da dala ake biyansa, haka inshorar kayan. Ɗalibin da ke karatu a Ingila, da majinyacin da aka kai Masar ko Indiya, da alhazan da ke biyan masauki a Makka da Madina, duk sayen hidima suke yi daga waje. A 2023 kujera dubu 95 Saudiyya ta ware wa Najeriya, sai ka ƙiyasta riyal nawa ke nan. Bayan hidima akwai ribar da kamfanonin waje masu haƙar mai da na sadarwa ke mayarwa gida, da kuɗin ruwan bashin da ake binmu. Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da ke shigowa ba tare da an sayar da komai ba, wato kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aiko wa danginsu, wanda a Najeriya yake kai kimanin dala biliyan 20 a shekara.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, ba na wata shekara takamaimai ba. A ce ƙasa ta sayar da kayan dala biliyan 60, ta sayo na 50. Rara 10 ke nan, kuma ita ce jaridu za su buga. A hidima ta sayar da na 5, ta sayi na 20, ta zube 15. Riba da kuɗin ruwa sun fita 12, sun shigo 2, ta sake zubewa 10. Kafin a zo kan aike, rarar nan ta 10 ta koma giɓin 15. Aiken 20 ne ya ɗago ta zuwa rarar 5. Yanzu a ce farashin mai ya karye, kayan da aka sayar suka dawo 40, sauran kuma suka tsaya yadda suke. Asusun ya faɗa giɓin 15. A zahiri ribar kamfanonin mai ma takan ragu, ta ɗan rage raɗaɗin, amma ba ta isa ta toshe ramin ba. Irin wannan ne ya faru da gangar mai ta sauko daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a Janairun 2016.

Gyaran yana da sauƙi: duk wanda ya ce maka an samu rara, tambaye shi ta kaya ce kawai ko ta asusun duka.

Kuskure na biyu ya fi wannan haɗari, domin masu ilimi ma suna yinsa. Sai a ji an karɓo bashin dala, ajiyar Babban Banki ta ƙaru, a ce giɓi ya ragu. Bai ragu ba, cike shi aka yi. Bashi da jari a shafi na biyu ake rubuta su. Giɓin 15 ɗin nan dole wani ya biya shi: a ce masu zuba jari sun kawo 6, an ranto 4, an ciro 5 daga ajiya. Shi ya sa shafukan biyu kullum suke daidaita a takarda, kamar mai gidan da kashewarsa ta fi samunsa, ko dai ya ci bashi, ko ya sayar da gona, ko ya buɗe rumbu. Kuma bashin bana yana dawowa shafin farko baɗi a matsayin kuɗin ruwa.

Akwai masu haɗa wannan giɓi da giɓin kasafin kuɗi. Na kasafi aljihun gwamnati ne kaɗai. Wannan kuwa ya haɗa da kai da ni da ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke oda daga birnin Guwanzu na Sin.

Sai maganar cewa giɓi kullum musiba ne, rara kuma alheri. A nan ni ban yarda da ko wanne ɓangare ba sai na ga abu biyu: me aka sayo, kuma da wane irin kuɗi aka biya. Lokacin da kamfanin CNPC na Sin ke shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem a Nijar zuwa gaɓar teku a Benin, bututu da injuna da ƙwararru duk daga waje suka zo, kuma duk sun ƙara wa Nijar giɓi. Amma jarin kamfanin ne ya biya, sannan a 2024 mai ya fara fita ta bututun. Wannan giɓi ne mai haifar da abin sayarwa. Daban yake da giɓin da aka yi wajen sayo fetur da shinkafa, aka cike shi da kuɗin baƙin da ke sayen takardun lamunin gwamnati na 'yan watanni. Irin wannan kuɗi baƙon dare ne. Da ya ji motsi sai ya tattara, kamar yadda aka gani a farkon 2020 da annobar korona ta karya farashin mai. Ita ma rara tana iya zama alamar ciwo, in ta samu ne saboda naira ta faɗi har mutane sun kasa sayo komai, masana'antu kuma sun rasa kayan gyara.

Wanda ke son awo mai sauri, ya raba ajiyar Babban Banki da abin da ƙasa ke kashewa wajen sayayyar waje a wata ɗaya. In abin da ya fito bai kai wata uku ba, masana kan ɗauka an shiga hatsari.

A ƙasan lissafin akwai wani layi da ake kira kurakurai da abin da aka tsallake, kuma yawancin masu sharhi ba sa kallonsa. Shanun da ke shigowa kasuwar Maigatari ko Illela, da hatsi da man fetur da ke tsallakawa ta Jibiya, da dalar da aka aiko ta hannun ɗan canji, ba duka ke shiga takarda ba. In shafukan biyu suka ƙi haɗuwa, a wannan layi ake zuba bambancin. Idan ka ga giɓin da ake ta cece-kuce a kai biliyan 3 ne, layin kurakurai kuma biliyan 8, to kada ka rantse a kan ukun.